Bandir Huɗu Sun Saɓa da Samfur: Wasiƙar Tela Zuwa ga Dilan Yadi

Duk telan da ya taɓa karɓar babban ɗinki, na yunifom ɗin makaranta ko na ankon biki, ya san cewa lambar launi ɗaya ba ta nufin launi ɗaya. Za a kawo maka bandir goma sha biyu, kamfani ɗaya, suna ɗaya, lamba ɗaya a jikin leda, ka jera su a kan kanta ka ga kansu ɗaya. Sai an ɗinka riga, an haɗa hannu da jiki, an fita da ita rana, sannan a ga hannun ya fi jikin cizawa. A lokacin almakashi ya riga ya shiga, kuɗin mutane ya riga ya tafi, kuma mai makaranta ko uwar amarya ba su san wani dila ba, tela suka sani.

Mu ɗauki misalin wani tela a wani gari da ke nesa da Kano. Wata Islamiyya ta ba shi ɗinkin riga da wando na yara maza 120, launi ruwan toka mai duhu. Ya yi lissafin yadi uku ga kowane yaro, idan aka haɗa manya da ƙanana, wato yadi 360. Ya je Kantin Kwari, dilansa ya yanko masa samfur, ya kai wa shugaban makaranta ya amince. Bayan mako uku, da aka ba shi kafin alƙalami, ya bugo waya ya ce a ɗora masa bandir 12 a mota, kowanne mai yadi 30. Ya tura kashi uku cikin huɗu na kuɗin, saura sai ya kai aiki. Kaya suka iso, yaran shago suka fara yanka. Bandir takwas na farko lafiya lau. Da aka buɗe na tara, wani yaro ya yanki yadi huɗu ya fitar da hannayen wasu riguna da aka riga aka yanka jikinsu, aka ɗinka guda shida. Washegari da hantsi, da aka rataye su a bakin ƙofa, sai ga hannayen sun karkata zuwa shuɗi-shuɗi, jikin kuwa toka zalla.

Kafin mu ga abin da ya rubuta, ya kamata mu san daga ina bambancin ya fito, domin wanda bai san wannan ba zai buɗe wasiƙarsa da zargin ha'inci, kuma yawanci ba ha'inci ba ne.

Masana'anta ba ta rina dukan yadin da za ta sayar a shekara a zubi guda. Injin rini yana da iyakar abin da yake ɗauka. Ana zuba masa farin yadi gwargwadon cikinsa, a haɗa ruwa da garin rini da sauran sinadarai, a dafa, a wanke, a busar. Duk abin da ya fito daga wannan zubin ana ba shi lamba ɗaya, ita ce lambar rini, wadda a takardar da ke manne a kan bandir ake yawan samunta kusa da kalmar LOT. Ita dabam, lambar launi dabam. Lambar launi tana gaya maka abin da aka yi niyyar rinawa, misali toka mai lamba kaza. Lambar rini tana gaya maka a wane zubi wannan bandir ɗin ya fito. Idan aka sake zubi bayan wata guda, ma'aunin da aka rubuta shi za a bi, amma sakamakon ba zai taɓa zama ɗaya tak ba. Mace ɗaya ce za ta yi miyar kuka yau ta yi gobe da kayan haɗi iri ɗaya, amma mutanen gida su san tukunya biyu ce.

Dalilan suna da yawa, amma manyansu ba su da wuyar fahimta. Na farko shi ne yadin kansa kafin ya shiga rini. Audugar gona kaza ba ta shan rini kamar ta gona kaza, kuma idan wankin da aka yi wa farin yadi don ya yi fari fat ya bambanta, to gindin da launi zai hau ya riga ya bambanta. Na biyu ruwa ne. Ruwa mai yawan ma'adinai yana sauya yadda rini ke kamawa, kuma ruwan damina ba na rani ba ne. Na uku zafi da lokaci. Rinin da aka fi yi wa auduga a masana'anta yana buƙatar gishiri mai yawa don ya tura launin cikin zare, sannan soda don ya ɗaure shi, galibi a zafin da ke kusa da digiri 60. Idan zafi ya ɗan haura, ko aka zuba sodar da wuri, ko aka ɗan yi kuskure wajen awon gari, launi ya motsa.

Yadin yunifom kuma yana da tasa matsalar, domin yawancinsa haɗin auduga ne da zaren roba. Waɗannan biyun ba rini ɗaya suke sha ba. Zaren roba yana buƙatar wani nau'in rini dabam da zafi mai tsanani, wajen digiri 130 a cikin rufaffen inji, ita kuwa auduga a rina ta da nata. Ke nan launin da ido ke gani a irin wannan yadi rini biyu ne aka ɗora a kan zare biyu, kowannensu kuma zai iya kaucewa. A kan wannan sai a ƙara cewa ruwan toka, da ruwan ƙasa, da kakin soja, ba daga gari guda suke fitowa ba. Ana haɗa ja da rawaya da shuɗi ne a daidaita su. Da zarar ɗaya ya ɗan rinjayi sauran, tokar ta karkata, ko zuwa shuɗi, ko zuwa kore, ko zuwa ja. Shi ya sa launukan da makarantu da ma'aikatu suka fi so su ne suka fi ba tela wahala.

Marinan Ƙofar Mata, waɗanda ake cewa tun 1498 ake rini a wurin, sun san wannan tun kafin a ƙera injin rini. Rijiyar baba ɗaya ce, amma zanen da aka tsoma lokacin da ruwan ke da ƙarfinsa ba zai yi daidai da wanda aka tsoma bayan ya yi sanyi ba. Mai son riga da rawani su zo ɗaya, tare yake bayar da su. Injin zamani ya rage tazarar ƙwarai, amma bai kashe ta ba.

Saboda haka manyan masu saye a duniya ba sa neman a ce babu bambanci ko kaɗan. Suna yarjejeniya ne a kan iyakar bambancin da za su karɓa. Akwai wani ma'auni na duniya mai ɗauke da ƙananan katuna masu ruwan toka bibbiyu, daga daraja ta 5, inda babu bambanci tsakanin biyun, zuwa ta 1, inda bambancin ya yi muni. Da yawa suna karɓar 4 zuwa sama. Ana kuma duba yadin a cikin akwatin haske mai fitilar da ake kira D65, wadda take kwaikwayon hasken rana. Telanmu ba shi da katunan, ba shi da akwatin. Abin da yake da shi ido ne, da rana, da samfur, kuma idan ya yi amfani da su da kyau sun isa su tsayar masa da hujja.

Abin da ya fara yi shi ne ya hana kowa taɓa almakashi. Sannan ya juya bandir ɗin duka ya karanta takardunsu. Takwas na farko suna ɗauke da lambar rini 2317, huɗun ƙarshe 2402, lambar launi kuwa duk ɗaya. Ya ajiye ledoji da takardun, bai bar yara su share su da tarkacen ƙyalle ba. Daga nan ya ɗauko samfur ya tuhume shi kafin ya tuhumi kowa. Samfurin da ya yi mako uku a aljihu, ko a gaban mota cikin rana, ko wanda aka yanko daga bandir ɗin da ya daɗe a rataye a bakin shago, zai iya koɗewa ko ya yi dauɗa, har ya saɓa wa bandir ɗin da aka yanko shi daga jikinsa. Da ya ɗora shi a kan takwas ɗin nan ya ga sun saje, sai ya tabbata samfurin bai ci amanarsa ba.

Yadda ake ɗorawar ma yana da ƙa'ida. Ba a cikin shago ƙarƙashin ƙwan lantarki ake yi ba, ba kuma a tsakiyar rana mai kashe ido ba. Da hantsi, a inuwa mai haske, a shimfiɗa su baki da baki ba tare da rata a tsakani ba, fuska sama, tsawon zare yana kallon wuri ɗaya. A duba, a sauya musu wuri, na dama ya koma hagu, a sake dubawa. Idan bambancin ya bi ƙyallen duk inda aka kai shi, na rini ne. Idan kuwa kullum wanda ke kusa da ƙofa ne ya fi haske, to hasken ne ke wasa da ido. Maganar tsawon zare ba ƙarama ba ce, musamman a shadda da duk yadi mai sheƙi. Ƙyalle biyu daga bandir guda za su yi kamar launi biyu idan aka juya ɗaya a kaikaice, kuma teloli da yawa sun yi rigima da dila a kan laifin da yaron shagonsu ne ya yi shi wajen shimfiɗa yanka.

Akwai kuma wani abin mamaki da ya sa telan bai gane matsalar da daddare ba. Yadi biyu za su iya sajewa sarai a ƙarƙashin wata fitila, su rabu a ƙarƙashin wata. Hakan na faruwa idan aka kai ga launi iri ɗaya ta hanyar haɗin garin rini dabam, misali masana'anta ta sauya kamfanin da ke ba ta shuɗi. A fitilar caji da suke aikin dare da ita, hannu da jiki ɗaya suke. Yara kuwa da rana za su sa kayan, a filin makaranta, a jere. Don haka hasken rana shi ne alƙali.

Gwaji na ƙarshe shi ne ruwa. Ya yanki ƙyalle kamar tafin hannu daga bandir na 2317 da kuma na taran da aka riga aka buɗe, ya ɗinke su tare, ya wanke da sabulu, ya shanya a inuwa, ya goge. Sabon yadi yana zuwa da sitaci da sheƙin guga na masana'anta, wani lokaci su ne ke kawo bambancin, wanki ɗaya ya kawar da shi. Wani lokaci kuma wanki ne ke ƙara tona shi. A nan bambancin ya tsaya inda yake. Sai ya zauna ya rubuta:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi.

"Ranka ya daɗe, dalilin wannan takarda shi ne kayan da aka ɗoro mini ranar Litinin, bandir 12 na yadin yunifom ruwan toka, masu yadi talatin-talatin, waɗanda ke kan rasit ɗin da na haɗo hotonsa. Sun iso lafiya, adadinsu ya cika.

"Takwas daga ciki suna da lambar rini 2317, kuma sun yi daidai da samfurin da ka yanko mini da hannunka, wanda makaranta ta amince da shi. Sauran huɗun lambarsu 2402, sun fi samfurin duhu kuma sun karkata zuwa shuɗi. Na duba su da hantsi a inuwa, na kuma wanke ƙyalle na goge, bambancin bai tafi ba. Na ba direban da ya kawo kayan ambulan, a ciki akwai rabin samfurin da ƙyallen kowace lamba a ɗinke tare, na rubuta lambar a bayan kowanne. Ina roƙo ka fita da su bakin layi ka duba da idonka.

"Ba zan ɓoye maka ba, ɗaya daga cikin huɗun mun yanki yadi huɗu a jikinsa kafin mu lura, saura yadi 26. Wannan na san nawa ne, zan biya shi. Ukun kuwa suna cikin ledarsu, ba a buɗe ba.

"Abin da nake nema, idan akwai sauran 2317 a sito ko a wurin wani maƙwabci, a canza mini ukun nan, a ƙara mini ɗaya a rubuta a kaina. Idan babu, ka sanar da ni kafin Alhamis in je in nuna wa shugaban makaranta, ko zai yarda a yi wa ƙananan azuzuwa da 2402. Idan ya yarda zai nemi ragi, kuma ina fata mu raba nauyinsa. Idan ya ƙi, zan dawo da ukun, a nemo mini wanda ya fi kusa da samfur. Kuɗin motar dawowa ina ganin bai kamata ya hau kaina ba.

"Cikon kuɗinka yana nan a ajiye, da zarar mun daidaita zan turo. Zan kai aikin nan ranar 20 ga wata, shi ya sa na matsa. Na san ba kai ka rina ba, kuma ban zargi kowa ba. Allah ya bar zumunci. Wassalam, naka, tela."

A ganina wannan wasiƙa ta yi abin da ake bukata, kuma ƙarfinta yana wurare uku. Na farko, ba ta ce "kalar ba ta yi ba" ta yi shiru. Wannan magana ce da dila ke ji kullum daga bakin wanda ya sauya ra'ayi, ko wanda ya samu mai araha a wani layi. Ta kawo lamba biyu. Dila zai iya musun idon tela, amma takardar da ke jikin kayansa ba zai musa ta ba, kuma da lambar ce zai aiki yaro sito ya ce a duba ko akwai saura. Ta kuma faɗi ta wace fuska launin ya kauce, ya fi duhu ne ko haske, ya karkata ina, domin idan za a nemo madadi a san abin da ake gudu.

Na biyu, ƙyalle ta aika, ba hoto kaɗai ba. Yau kusan duk irin wannan saƙo ta WhatsApp yake tafiya, kuma babu laifi, rubutu ne mai kwanan wata da za a iya komawa kansa, ya fi kiran waya da kowa zai tuna shi yadda ya ga dama. Amma hoton waya ba shaidar launi ba ne. Kyamara tana gyara haske da kanta, allon wayar tela kuma ba ya nuna launi kamar na wayar Alhaji. Hoto yana da amfani wajen nuna rasit da takardar bandir. Idan dole ne a ɗauki yadin, a haɗa samfur da bandir a hoto guda, baki da baki, ba tare da filasha ba. Hukunci dai sai ƙyalle ya isa hannu.

Na uku shi ne gaskiyar da ya faɗa game da yankan. Al'adar kasuwar yadi ko'ina ita ce abin da aka yanka an saya, kuma akwai hikima a ciki, domin dila ba zai iya sayar da buɗaɗɗen bandir a farashin cikakke ba, ba kuma zai iya mayar wa wanda ya ba shi ba. Wasu teloli sukan nannaɗe wanda suka yanka su cusa a leda su mayar. Ranar da aka warware aka auna, duk sauran maganarsu ta zube, har da wadda suke da gaskiya a kanta. Da ya ɗauki nauyin guda ɗaya, sai ya ƙarfafa haƙƙinsa a kan uku. Wani zai ce ai da ba a aiko masa da kayan da suka saɓa ba da bai yanka ba, don haka na huɗun ma a kan dila yake. Maganar tana da kan gado. Amma takardar tana manne a kan bandir tun ranar da ya iso, minti biyar sun isa a karanta goma sha biyun, kuma shagonsa bai karanta ba.

Shi ma dilan sai an duba inda yake tsaye. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, aka yi zamanin da Kakuri da unguwannin masana'antu na Kano suke fitar da yadi, amma yawancinsu sun rufe. Yau mafi yawan abin da ke shagunan Kwari daga waje yake zuwa, musamman Sin. Kwantena guda za ta iya ɗauko launi ɗaya daga zubi biyu ko uku. Yaran sito da lambar launi suke ɗauko kaya, ba kowa ke duba ta rini ba sai an ce masa ya duba. Tsakanin ranar da aka yanki samfur da ranar da aka ɗora kaya mako uku ne, a kasuwa irin wannan kuwa mako uku sun isa tsohon kaya ya kusa ƙarewa sabo ya sauka a kansa. Kuma babu masana'antar da za ta kunna inji don bandir huɗu, ko ta kunna ma sabon zubi ne, da sabuwar lamba, da nasa bambancin. Telan da ya kafe cewa lallai sai 2317 ko a fasa zumunci, wataƙila yana neman abin da babu shi a duniya. Shi ya sa wasiƙar ta buɗe ƙofa uku, ta kuma sa rana.

Haƙƙin nasa kuwa ba alfarma ba ce. Tsohuwar dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda Najeriya ta gada kuma dokokin jihohi da dama suka bi sawunta, ta tanadi a sashe na 15 cewa idan aka yi ciniki a kan samfur, dole ne kayan su dace da samfurin, kuma a ba mai saye damar gwada su da shi. Ita dokar ce kuma ta ce wanda ya riƙe kaya ya wuce lokacin da ya dace bai yi magana ba, ko ya yi musu abin da mai kaya kaɗai ke yi, ana ɗauka ya karɓa. A fikihun Malikiyya ma mas'alar tsohuwa ce. Muwaɗɗa ta Imamu Malik tana da babi a kan sayar da ɗaurin tufafi bisa takardar da ta siffanta abin da ke ciki ba tare da an kwance ba, kuma cinikin yana ɗaure mai saye ne idan kayan suka zo yadda aka siffanta. Da wuya irin wannan magana ta kai kotu. Yawanci tana ƙarewa a shago, idan ta yi tsauri a gaban dattawan layi ko shugabannin kasuwa. Su ma abin da za su tambaya bai wuce ina samfur, me aka yi alkawari, yaushe ka yi magana, ka yanka ko ba ka yanka ba.

A nan ne raunin telan yake, kuma Alhaji zai iya taɓa shi. A rasit ba a rubuta cewa bandir 12 ɗin su fito daga lambar rini ɗaya ba. Samfurin ma babu sa hannun kowa a jikinsa, kuma a hannun mutum ɗaya yake. Idan dilan mai tauri ne zai ce, "Malam, toka lamba kaza ka ce, ita na ba ka." Idan mai son ci gaba da ciniki ne, kuma yawancinsu haka suke, zai aika a duba sito.

A ce an duba an samu bandir ɗaya kacal na 2317. Lissafi sai ya koma haka: tara masu dacewa da samfur, yadi 270, sun ɗinke yara 90, har da sabunta hannayen riguna shidan nan idan aka yi tattalin yanka. Sauran yara 30 suna buƙatar yadi 90, wanda buɗaɗɗen nan mai yadi 26 da cikakku biyu za su ba da 86, kuma tun da ƙananan yara ba sa cin yadi uku, ya isa. Cikakke ɗaya ya koma Kano. Sharaɗin kawai shi ne kada a sake haɗa lamba biyu a jikin yaro ɗaya. Riga, wando, hannu, wuya, aljihu, duk daga zubi guda. Ido yana yafe ɗan bambanci tsakanin yaro da yaro, musamman idan azuzuwansu dabam, amma ba ya yafe shi a kan ɗinki inda ƙyalle biyu suka haɗa baki. Manyan masana'antun ɗinki haka suke yi, suna sa wa kowane yanki alama tun a teburin yanka. A ƙaramin shago alli ya isa, a rubuta lambar a bayan kowane yanki, a ɗaure na kowace lamba dabam. Shugaban makaranta kuma a nuna masa ƙyallen biyu tun kafin a ɗinka, kada ya gani da kansa ranar rabon kaya.

Wani abu da ya kamata a duba ko da lamba ɗaya ce: a cikin bandir guda ma launi kan bambanta tsakanin gefe da tsakiya, ko tsakanin farkon naɗi da ƙarshensa, idan a injin da yadi ke wucewa a miƙe aka rina shi kuma matsin ya fi ƙarfi a ɓangare ɗaya. A ninka yadin a kawo gefen dama kusa da na hagu, sannan a kawo gefe kusa da tsakiya. Idan sun saɓa, wannan aibi ne a jikin kayan, ba bambancin zubi ba, kuma hujjar mayarwa ta fi ƙarfi.

Masu fitar da anko su ma abin ya shafe su, ko da atamfa ce ko leshi ko shadda. Uwar biki takan sayi turmi arba'in, bayan sati biyu ƙawaye su ƙaru a koma a ƙaro goma, ranar kamu a ga layi biyu a hoto. Telan da ya san aikinsa yakan faɗa tun farko cewa a saya gaba ɗaya, a kuma ƙara ɗan rara saboda gyara da masu zuwa a makare.

Ga teloli kuwa, ranar da za ku karɓi samfur ku nemi kwatan yadi, ba ɗan ƙyalle kamar akwatin ashana ba. A raba shi biyu a gaban dila, kowa ya sa hannu da kwanan wata a bayan na ɗan'uwansa, a rubuta lambar rinin bandir ɗin da aka yanko shi, naku ku adana a ambulan inda rana ba ta kai. A rasit a rubuta "lambar rini ɗaya", idan ba za ta samu ba a gaya muku kafin a ɗora kaya a mota. Ranar da kaya suka iso, kafin kowa ya ɗauki almakashi, a karanta takardar kowane bandir.